Karanta Takardar Maganin da Aka Rubuta da Faransanci

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, aikin noman rani yake jawo baƙi zuwa wannan yanki. Da yawa daga cikinsu 'yan Nijar ne, daga wajen Maraɗi, Tasawa, Matamaye da Damagaram. Suna zuwa dashen shinkafa da tsinkar tumatir, wasu har da iyalinsu. In ciwo ya kama su, ƙaramin asibitin ƙauye ko kyamis na bakin kasuwa suke nufa. Ɗalibanmu da ke da niyyar karatun jinya ko aikin ba da magani za su sadu da su, ko sun so ko ba su so ba.

Magana da baki ba ita ce wahalar ba. Mutumin Tasawa Bahaushe ne, zai gaya maka inda ke masa ciwo ka gane sarai, ko da ya ce lokotoro a inda kai za ka ce likita. Wahalar tana cikin takardar da zai zaro daga aljihu. A 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma likitocinta da Faransanci suka yi karatu, kuma da shi suke rubuta magani. Wannan takarda sunanta ordonnance, ana faɗinta kamar "ordonas". Ba sai ka iya hira da Faransanci za ka karanta ta ba. Kalmomin da ke maimaituwa a kanta ba su da yawa, sai dai kusan dukansu a taƙaice ake rubuta su, kuma a nan haɗarin yake.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata uwa ta zo kyamis a Kura da ɗanta mai shekara 4, nauyinsa kilo 16. Shekaranjiya aka duba shi a wani ƙaramin asibiti kusa da Magarya, irin wanda suke kira CSI, amma ba ta sayi maganin ba sai da suka iso. Ga abin da ke kan takardar:

TDR +
Artéméther-luméfantrine 20/120 : 2 cp matin et soir pdt 3 j
Paracétamol sp 120 mg/5 ml : 2 càc x 3/j si fièvre

Layi na farko sakamakon gwaji ne. TDR shi ne gwajin nan na gaggawa da ake soka yatsa a ɗiga jini a kan ɗan faifai, alamar tarawa kuma tana nufin an sami zazzaɓin cizon sauro. Wani lokaci GE za ka gani, wato goutte épaisse, jinin da aka shafa a gilashi aka duba da madubin likita. Sunan ciwon paludisme, amma kowa palu yake cewa.

Layi na biyu ba shi da wuya in ka san guntayensa. Cp shi ne comprimé, wato ƙwaya. Matin safe, soir yamma, et kuma "da". Harafin j yana tsaye a madadin jour, wato yini, pdt kuwa pendant, ma'ana "har tsawon". To, ƙwaya 2 da safe, 2 da yamma, har kwana 3. Ka lissafa ka ga ƙwaya 12 ke nan, kuma shi ne daidai abin da ake ba yaron da nauyinsa ya kai kilo 15 amma bai kai 25 ba. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai. In abin da ka karanta ya dace da abin da ka sani game da maganin, to alama ce ka karanta daidai.

Layi na uku shi ne inda nake so mu daɗe. Sp shi ne sirop, maganin ruwa na yara. Si fièvre yana nufin "in akwai zazzaɓi", wato ba a ba shi in jiki ya yi sanyi. Saura càc. Wannan shi ne cuillère à café, ƙaramin cokali, irin wanda mu muke kira cokalin shayi, kuma awonsa mililita 5 ne. Yana da ɗan'uwa, càs, wato cuillère à soupe, babban cokali mai mililita 15. Harafi ɗaya tak ya raba su, c da s, kuma duk wanda ya taɓa ganin rubutun likita mai sauri ya san yadda waɗannan haruffa biyu kan koma ɗan lanƙwasa iri ɗaya.

Mu ga abin da bambancin yake jawowa. Ƙaramin cokali 2 mililita 10 ne. Tun da kowace mililita 5 tana ɗauke da miligiram 120, yaron ya sha miligiram 240. Ƙa'idar farasitamol ga yara miligiram 15 ne ga kowane kilo a sha ɗaya, kuma 15 sau 16 ya ba da 240. Daidai ke nan. Amma in mai kyamis ya karanta càs ya ce wa uwar babban cokali 2, yaron zai sha mililita 30, wato miligiram 720 a lokaci guda. Sau 3 a yini ya zama 2160. Iyakar abin da ya kamata yaro mai kilo 16 ya sha a yini ɗaya 960 ne, domin ba a wuce miligiram 60 ga kowane kilo. Ya ninka iyakar fiye da sau biyu, kuma za a yi ta maimaita masa kwana da kwanaki. Farasitamol da ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma ba ya nuna kansa da wuri. A ranar farko amai ne kawai da kasala, abin da kowa zai ɗora wa zazzaɓin. Sai bayan kwana 2 ko 3 ciwon gefen ciki na dama da rawayar ido su bayyana.

Saboda haka ma'aikaci mai hankali ba ya dogara da siffar harafin. Yana ɗora yaron a sikeli, ya yi lissafin miligiram, ya ga wane cokali ne lissafin ya yarda da shi. Bayan haka kuma kada ya sallami uwar da kalmar cokali kawai, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ya ba ta ɗan kofin awo ko sirinji marar allura, ya nuna mata layin 10 da yatsa.

Akwai wani tarko a kan farasitamol ɗin nan. Uwar tana iya kasancewa da kwalba ko kwali da ta taho da shi daga gida, an rubuta Doliprane, Efferalgan ko Dafalgan. Duk ukun farasitamol ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. In ba ka tambaya ba, za ta ba shi naka ta kuma ba shi nata, tana ganin magani biyu ne daban. Ka karɓi kwalin ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. Abin farin ciki, ainihin sunayen magunguna kusan ɗaya suke a Faransanci da Turancin da muka saba, sai ɗan e da ake ƙarawa a ƙarshe, kamar amoxicilline.

Sauran siffofin magani za a iya haddace su a zama ɗaya. Gélule kafso ne, ampoule 'yar kwalbar ruwan allura, pommade man shafawa, collyre maganin ɗigawa a ido, gouttes kuma ɗigo-ɗigo. Biyu ne nake so a kula da su musamman, domin sun yi kama da abin haɗiya alhali ba a haɗiye su. Suppositoire, ko suppo, ta dubura ake sa shi, kuma likitocin da suka yi karatun Faransanci sun fi namu yawan rubuta shi ga yara. Ovule na mata ne, ta gaba ake sa shi. Game da lokacin sha, repas abinci ne, avant kafin, après bayan. À jeun yana nufin kafin a ci komai da safe, au coucher kuma lokacin kwanciya.

Lambobi ma suna da nasu hali. Inda mu muke sa ɗigo, su waƙafi suke sawa, don haka 2,5 ml biyu da rabi ne, ba 25 ba. Lamba 1 tasu tana da dogon ƙugiya a gaba har ta yi kama da 7 ɗinmu, ita kuwa 7 tasu ana ratsa ta da ɗan layi a tsakiya. In ba ka ga layin ba, ɗaya ce. In kuma an ce wa mutum ya dawo bayan huit jours, kwana 8 a zahiri, mako guda ake nufi, quinze jours kuma mako biyu.

Abin da ya fi ba sabon nas mamaki shi ne awon jini. Dattijo zai miƙo littafinsa na asibiti, carnet, ka ga an rubuta TA 16/10. TA shi ne tension artérielle, ƙarfin bugun jini. Ba kuskure aka yi ba, kuma dattijon bai kusa mutuwa ba. Su da santimita suke aunawa, mu da milimita. Ka ƙara sifiri a kowane ɓangare, ka sami 160/100, wato yana da hawan jini, abin da suke taƙaitawa HTA. Haka awon suga, glycémie, da giram a lita suke rubuta shi. In ka ga 1,26 g/l, shi ne 126 a awon miligiram da injinanmu da yawa ke nunawa, ko 7 a ɗaya awon. Wannan lamba ce da in an same ta kafin cin abinci, aka sake gwadawa wata rana ta maimaitu, ake cewa mutum yana da ciwon suga.

Kalma ɗaya tana yaudarar wanda ya yi karatun jinya da Turanci, ita ce angine. Ta yi kama da sunan ciwon ƙirjin nan na zuciya, amma a Faransanci ciwon maƙogwaro take nufi, kumburin 'yan wuya. Sai an ƙara de poitrine a bayanta sannan ta zama ta zuciya. Ga mu mazauna bakin magudanai kuma, ya kamata a san bilharziose, wato tsargiya, tun da masu aiki cikin ruwan fadama da yaran da ke wanka a kwata su ne abincinta. Drépanocytose kuwa sikila ce, kuma in ka gan ta a littafin yaro mai zazzaɓi, asibiti za ka tura shi, ba ka tsaya sayar da ƙwaya ba.

Wannan sani yana da iyaka. Iya karanta takarda bai mai da mai kyamis likita ba. Ka fara duba kwanan watan da ke samanta, domin mutane sukan adana ordonnance ta bara su kawo ta don ciwon bana, yaron kuwa ya ƙara nauyi, ciwon ma wataƙila wani ne. Ka kula da juin da juillet, Yuni da Yuli, don in an taƙaita su sukan rikice. In kalma ta gagare ka, ko lissafinka ya ƙi dacewa da abin da aka rubuta, kada ka cika da zato. Ka tura marar lafiyar babban asibitin Kura ko wani mafi kusa, ya tafi da takardarsa da duk kwalayen da ya zo da su, a sake duba shi a rubuta masa sabuwa.