Hoton gaske ne, amma an yi masa ciko

A ƙarshen watan Janairun 2024, tashar talabijin ta Nine News da ke birnin Melbourne a Ostireliya ta kawo labarin farautar agwagwa, bayan gwamnatin jihar Biktoriya ta ƙi haramta ta. A cikin labarin an nuna hoton Georgie Purcell, 'yar majalisar jihar da ke adawa da farautar. Fuskar tata ce, amma farar doguwar rigar da ta saka a hoton asali ta koma 'yar riga da siket, ciki a waje, ƙirjinta kuma ya ƙara girma. Purcell ta wallafa hotunan biyu gefe da gefe, ta kuma faɗi abin da ya kashe bakin kowa: cikinta duk zanen jarfa ne, wanda aka nuna a talabijin kuwa ba ko ɗigo.

Daraktan labarai na tashar, Hugh Nailon, ya nemi afuwa. Ya ce ma'aikatansu sun ɗauko hoton a intanet, wajen daidaita girmansa ne manhajar Photoshop ta sauya shi da kanta. Kamfanin Adobe mai manhajar ya mayar da martani cewa sauyi irin wannan ba ya faruwa sai mutum ya sa hannu ya kuma amince. Masu sana'ar gyaran hoto da suka duba lamarin sun fi zargin Generative Expand, wani sashen manhajar da ke faɗaɗa hoto ta hanyar zana abin da kyamara ba ta kama ba. Idan aka ba shi hoton da aka yanke daga ƙirji, aka ce ya tsawaita shi zuwa ƙasa, ba shi da hanyar sanin suturar da matar ta saka. Kintace yake yi daga ɗimbin hotunan da aka koyar da shi da su, ya zana abin da ya saba gani.

Wannan ya bambanta da hoton Fafaroma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi, wanda ya karaɗe duniya a watan Maris na 2023. Wancan da manhajar Midjourney aka ƙera shi daga rubutaccen umarni kawai. Ba kyamara, ba ranar ɗauka, ba wurin da aka tsaya. Duk ɗigon da ke cikinsa ƙirƙirarriyar basira ce ta zana, saboda haka duk inda mai bincike ya kai ido yana iya cin karo da aibi: tun daga hannun da ke riƙe da kofi ba a kan daidai ba, har zuwa sarƙar gicciye da gilashin ido. Hoton da aka yi wa ciko kuwa yana da asali. Akwai ranar da aka ɗauke shi, akwai shaidun da suka halarci wurin, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa gaskiya ne. Wannan gaskiyar ita ke tsaya wa guntun ƙaryar, shi ya sa ya fi wuyar kamawa.

Yadda ake yin aikin ba ya buƙatar gwaninta. A Photoshop, wanda ya fito da Generative Fill a watan Mayun 2023, mutum yana zagaye wurin da yake son sauyawa, ya rubuta abin da yake so a saka, ko ya bar gurbin rubutun fanko idan gogewa kawai yake nufi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi manhajar za ta kawo masa zaɓi uku, ya ɗauki wanda ya kwanta masa. Wayoyin hannu ma sun samu nasu: Google ya fito da Magic Eraser a 2021, Samsung ya sa Generative Edit a Galaxy S24 a farkon 2024, Apple ya biyo da Clean Up a ƙarshen shekarar.

A can ciki, manhajar tana rufe wurin da aka zagaye da ɗigo-ɗigo barkatai, irin yayyafin da talabijin ke yi idan tasha ta ɗauke. Daga nan sai ta riƙa share su mataki-mataki, a kowane mataki tana duba abin da ke kewaye: ta ina haske ya fito, wane launi ne bango, ina layin ƙasa ya nufa. Da haka siffa ke fitowa wadda ta dace da maƙwabtanta. Tsohuwar dabarar Content-Aware Fill ta 2010 kwafo ɗigo take yi daga wani sashen hoton ta liƙa, don haka mai lura yakan ga ciyawa ɗaya ko bulo ɗaya ya maimaitu. Sabuwar ba ta kwafa, sabon abu take zanawa. Ko gogewa ma ƙirƙira ce: idan aka cire mutum daga gaban shago, ƙofar da ta bayyana a bayansa ba ta shagon ba ce, wadda manhajar ta ga ya kamata a samu ce.

A ɗauki hoton waya mai faɗin ɗigo 4,000 da tsawon 3,000, jimla miliyan 12. A ce hoton taro ne, aka zagaye hannun wani mutum, wuri mai ɗigo 400 a kan 300, aka ce a saka masa damin kuɗi. Ɗigo 120,000 ke nan, kashi 1 cikin 100 na hoton. Sauran kashi 99 suna nan yadda kyamara ta ɗauka, kuma sau da yawa bayanan da ke ɓoye a cikin fayil, kamar sunan waya da ranar ɗauka, ba su goge ba. Manhajojin da ke ikirarin gano hoton ƙirƙirarriyar basira da yawansu sukan rage girman hoton su yanke hukunci a kansa gaba ɗaya. Sai kashi 99 su rinjayi kashi 1, amsa ta fito cewa hoton na gaske ne, alhali ma'anarsa ta juye: mai gaisawa ya koma mai karɓar cin hanci.

Duk da haka ciko yana barin sawu, kamar yadda facin tela ke bayyana ga wanda ya ɗaga riga ya duba ta a rana. Kowace kyamara tana barin wani tsaki-tsaki marar tsari a kan hotonta, wanda ya fi fitowa a wurare masu duhu. Wurin da aka cike ba ya da shi, ko kuma nasa bai yi daidai da na kewaye ba, shi ya sa idan aka zuƙo hoton sosai sai a ga wani yanki ya yi sumul a tsakiyar gautsi. Girma ma yana tona asiri. Generative Fill na farko ba ya zana abin da ya wuce ɗigo 1,024 a kowane gefe, idan wurin da aka zagaye ya fi haka sai ya buɗa zanen ya rufe shi. Wanda ya cike fili mai faɗin ɗigo 3,000 zai samu yanki mai dishi-dishi a cikin hoto mai kaifi.

Sai inuwa. Manhajar tana zane ne a cikin iyakar da aka ja mata kawai. Idan aka goge mutum aka manta da inuwarsa a ƙasa, ko surarsa a gilashin mota, suna nan za su ba da shaida. Idan kuma ƙara abu aka yi, inuwarsa takan yanke daidai bakin iyakar, ko ta nufi gabas alhali ta kowa ta nufi yamma. Rubutun allo, lambar mota, layukan tayil da zanen atamfa su ma sukan karkace ko su narke a inda ciko ya haɗu da asali. Mai dubawa zai fi cin riba idan ya fara da wurin da ke ɗauke da zargin, wato hannun ko fuskar ko abin da ke kan tebur, maimakon ya tsaya ƙirga yatsun mutanen da ke baya, waɗanda nasu ne na gaske.

Akwai wata matsala da ke rikita wannan bincike. Photoshop yana ɗora cikon a kan hoton asali, ya bar sauran yadda suke. Wasu manhajojin kuwa sake zana hoton suke yi gaba ɗaya ko da wuri guda aka ce su gyara, har fuskar da ba a taɓa ba takan ɗan sauya kama. A irin wannan hoto babu iyaka tsakanin sumul da tsaki, domin komai ya bi ta injin. Manhajar ganowa tana iya cewa an ƙirƙira shi, amma ba za ta nuna wurin da aka yi ƙaryar ba, sai a rasa abin da za a yarda da shi a ciki. WhatsApp ma yakan matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ya cire ɓoyayyun bayanansa, tsakin kyamarar ya dusashe. Hoton da ya ratsa zaure uku ko huɗu kusan ba ya da sauran sawun da ido zai bi.

Hanyar da ta fi inganci ita ce wadda Purcell ta bi, kuma hoton ciko ne kaɗai ke da ita: neman asali. Google Lens ko TinEye sukan nemo tsofaffin kwafin hoton, wani lokaci kuma akwai wanda ya ɗauki taron ta wata kusurwar, ko bidiyo. Da zarar an jera su biyu, bambancin ba ya buƙatar masani.

Kamfanoni sun gwada saka alama, sai dai alamar ba ta faɗin yawan abin da aka taɓa. A tsakiyar 2024 Meta ya riƙa liƙa “Made with AI” a kan hotunan Instagram da Facebook. Pete Souza, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a fadar White House zamanin Obama, ya tarar da ita a kan wani tsohon hotonsa na wasan ƙwallon kwando. Masu ɗaukar hoto suka gano cewa share ɗan ƙura guda da Generative Fill ya isa ya jawo alamar, ita ce kuma dai ake sa wa hoton da babu kyamara a tarihinsa. Ƙorafinsu yana kan hanya, domin mai karatu ba zai bambance wanda ya share tabo da wanda ya dasa makami ba. A watan Yuli Meta ya sauya rubutun zuwa “AI info”, wanda ya rage zafin zargin amma bai ƙara bayani ba.

Tsarin Content Credentials, wanda Adobe da wasu kamfanoni ke goyon baya, ya fi zurfi: yana rubuta tarihin hoton a cikin fayil, da sa hannun da ke nuna idan an taɓa bayanan, kuma kyamarar Leica M11-P ta 2023 ita ce ta fara sa shi tun daga lokacin ɗauka. Rauninsa shi ne, wanda ya ɗauki hoton allon wayarsa ya raba hoton da bayanan. Google kuma a watan Fabrairun 2025 ya fara saka ɓoyayyar alamar SynthID a cikin ɗigon hotunan da aka gyara da Reimagine, wadda ta fi jure matsewa. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa idan gyaran ƙarami ne, kamar sauya launin wani ɗan fure a bayan hoto, alamar tana iya kasa kamawa. Alhali irin gyaran da ya isa ya ɓata wa mutum suna, kamar ƙwaya a tafin hannu ko kwalba a gefen kujera, sau da yawa bai wuce girman wannan furen ba.