Mita 15 ko mita 25: tafiya ɗaya, amsa biyu

Direban da ya taso daga Kano ya nufi Zariya ya yi tafiyar kilomita 30, sai ya tuna an bar wani kaya a wani gari da ya wuce. Ya juya, ya komo baya kilomita 10. Idan maigidansa ya buga waya ya ce, "Kana ina?" amsar ita ce yana kilomita 20 daga inda ya taso. Idan kuma ana lissafin man da ya sha, to kilomita 40 motar ta ci, kuma haka mitar da ke gaban direba za ta nuna, domin ita ba ruwanta da inda mota ta sa gaba. Duka amsoshin gaskiya ne, tambayoyin ne suka bambanta. Ta farko tana neman sauyin matsayi, wato ina aka tsaya idan an gwada da inda aka faro. Ta biyu tana neman jimillar tafiya.

A kan hanya wannan ba ya rikita kowa. Rikicin yana zuwa ne idan ba a ba ka kilomitoci ba, sai dai aka ba ka gudun abu a kowane lokaci, aka ce ka fitar da tafiyarsa. A nan ne ɗaliban lissafi da na fiziks suke yawan yin tuntuɓe, kuma a ganina ba ƙarancin basira ba ne. Sun riƙe ƙa'ida ɗaya ce suna amsa tambayoyi biyu da ita.

Masana sun raba abu biyu da mu a hira muke haɗawa. Akwai sauri, wanda lamba ce kawai: mita goma a daƙiƙa. Akwai kuma gudu mai alkibla, wanda ake rubutawa da harafin v, shi yana faɗin sauri yana kuma faɗin inda aka dosa. Idan an yarda cewa sama ita ce gaba, abin da ke tashi da mita goma a daƙiƙa yana da v = +10, wanda ke faɗowa da wannan saurin kuma v = −10. Saurinsu ɗaya. Alamar ragi ba ta nufin tafiyar ta yi sanyi, juyawa take nufi.

Mu ɗauki dutse da aka cilla sama tsaye, ya bar hannu da gudun mita 20 a daƙiƙa. Jan ƙasa yana rage masa kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Mu ce 10 don sauƙi, mu kuma ajiye tasirin iska gefe. Gudunsa bayan daƙiƙa t shi ne v = 20 − 10t. Bayan daƙiƙa ɗaya v ya zama 10, bayan biyu ya zama sifili, bayan uku ya zama −10. To cikin daƙiƙa uku ɗin nan, nawa dutsen ya yi?

A bi shi daƙiƙa-daƙiƙa. A ta farko gudun ya sauko daga 20 zuwa 10 a daidai wa daida, don haka matsakaicinsa 15 ne, dutsen ya hau mita 15. A ta biyu, daga 10 zuwa sifili, matsakaici 5, ya ƙara mita 5. Yanzu yana mita 20 sama da hannun da ya jefa shi, nan ne ƙololuwarsa. A ta uku, daga sifili zuwa −10, matsakaici −5: ya sauko mita 5. Idan an tara da alamominsu, 15 + 5 − 5 ya ba da 15. Idan an tara ba tare da kula da alama ba, 15 + 5 + 5 ya ba da 25.

Wannan tarawar ita ce zuciyar abin da ake koyarwa a kalkulas, fannin da Newton da Leibniz suka gina a ƙarni na 17. Ana yanka lokaci gutsi-gutsi, a ninka gudun kowane gutsure da tsawon lokacinsa, a tara, sannan a bar gutsattsarin su yi ta ƙanƙancewa. Alamarta ∫ ce. Idan v aka tara, wato ∫ v dt, kowane gutsure yana shigowa da alamarsa, na saukowa yana cinye na hawa. Ga dutsenmu tarawar ta ba da 20t − 5t², kuma a t = 3 wannan 60 − 45 ne, wato 15. Idan kuwa sauri aka tara, ∫ |v| dt, sandunan nan biyu sun cire alamar ragi tun kafin a fara tarawa, don haka babu abin da zai cinye wani. Amsa 25.

Mai son zane zai ga haka a takarda. Layin v ya faro daga 20, ya gangaro ya ratsa sifili a daƙiƙa ta biyu. Ya bar alwatika a sama, gindinta 2, tsayinta 20, filin da ta ci 20. Ya bar wata ƙarama a ƙasa, gindi 1, tsayi 10, fili 5. Sauyin matsayi ragi ne, 20 − 5. Jimillar tafiya tari ne, 20 + 5.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tara v daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya goge alamar ragi daga amsar idan ta fito da ita, ya ce ga jimillar tafiya. Ya makara, an riga an yi cinyewar a cikin lissafin. A bar dutsen ya kai daƙiƙa huɗu: 80 − 80, sifili. Babu alamar da za a goge daga sifili ya koma 40, alhali dutsen ya hau 20 ya sauko 20. Hanyar da ta dace ita ce a fara neman lokacin da v ya zama sifili, a nan 20 − 10t = 0 ya ba da t = 2, a raba lokacin a wurin, a lissafa kowane yanki daban, sannan a tara girmansu. Akwai gwaji mai sauƙi kuma: jimillar tafiya ba ta taɓa gaza girman sauyin matsayi, kuma ba sa yin daidai sai idan abin bai taɓa juyawa ba.

Sai dai ba duk tsayawa ce juyawa ba. Abin da gudunsa yake v = (t − 2)² yana tsayawa cak a t = 2, amma kafin nan da bayan nan v bai shiga ragi ba. Ya yi ta lafawa, ya tsaya, ya ci gaba a alkiblarsa. A nan amsoshin biyu ɗaya ne. Saboda haka bayan an gano inda v ya zama sifili, sai a gwada lamba ɗaya kafin wurin, ɗaya bayansa, a ga ko alamar ta sauya da gaske.

Lamarin bai tsaya a jarrabawa ba. Dutsenmu yana mita 15 a daƙiƙa ta ɗaya, yana kuma mita 15 a ta uku. Na'urar da ta duba matsayinsa a waɗannan lokuta biyu kaɗai za ta ce bai motsa ba, alhali ya yi mita 10 a tsakani. Haka yake faruwa da duk na'urar da ke auna tafiya ta hanyar duba matsayi lokaci-lokaci, irin manhajar waya mai amfani da GPS: idan mai tafiya ya juya tsakanin dubawa biyu, wannan guntun tafiyar ba zai shiga lissafinta ba. Inda ya faro da inda ya ƙare za su fito daidai, jimillar ce za ta ragu, kuma maganinta shi ne a matso da lokutan dubawa kusa da juna.