Kafin Ka Sari Tumatir Ta Hoto, Ka Nemi Ganin Ƙasan Kwando

'Yan sari da dama a Abuja yanzu ba sa jiran mota ta sauke kaya a kasuwar Dei-Dei kafin su yi ciniki. Dillali daga Kadawa ko Kura a jihar Kano zai turo hotunan tumatir ta WhatsApp, a zaɓa, a tura kuɗi. Sai dai hoto launi da fata yake nunawa. Ba ya nuna tauri, balle abin da ke ƙasan kwando.

Hotuna biyu ba sa kwatantuwa sai an ɗauke su iri ɗaya. A ɗauka a inuwa da rana, ba tare da fitilar waya ba, domin hasken yamma da na ƙwan lantarki suna ƙara wa tumatir jan da ba nasa ba. A ajiye farar takarda a gefe, a rubuta kwanan wata a kai. In takardar ta fito da ruwan ɗorawa, to launin hoton ba abin dogaro ba ne. A sa kwalin ashana kusa don a gane girma. Sannan a juye kwandon a kan buhu, a ɗebo goma a sama, goma a tsakiya, goma a ƙasa, a yanka biyu ko uku a nuna cikinsu.

Wurin da ya fi tona asirin kwana shi ne hanci. In kore ne shar, tsinkar kwanan nan ce. In ya bushe ya yi duhu, kayan sun kwana biyu. Fata mai sheƙi alamar sabo ce, yamutsewa kuwa ruwan jiki ne ya fara tafiya. Ƙananan huji kusa da hanci sau da yawa aikin tsutsar sharon ne, wadda ta yi wa gonakin Arewa mummunar ɓarna a 2016.

A ce an turo maka kwando uku. Na farko ja wur ne, amma shida daga goman ƙasa sun fashe. Na biyu ya fara ja da sauran kore, hanci ɗanye, babu tabo. Na uku manya ne masu kyau, sai dai huɗu cikin talatin na da huji. Na biyu ne lamba ɗaya, domin zai ƙarasa nuna a tafiyar fiye da kilomita 300 ya iso da ƙarfinsa. Na uku lamba biyu, sai an tsince shi. Na farko, wanda ya fi ɗaukar ido, gwalagwaji zai iso, sai dai masu markaɗe.

Abin da hoto ya kasa, a nemi gajeren bidiyo ana latsa tumatirin da yatsa. Kuma tun kafin a yi lodi, a yi yarjejeniya cewa in kaya suka iso saɓanin hoto, za a rage farashi.