Yadda ake auna tsawon baligi daidai a gida

Masu neman aikin ɗan sanda a Najeriya sukan ci karo da sharaɗin tsawo, wato santimita 167 ga namiji, 164 kuma ga mace. Kuskuren santimita ɗaya a awon gida na iya sa mutum ya kashe kuɗin mota zuwa wurin tantancewa a banza. Ana iya kauce wa haka da bango, da katako shafaffe mai ɗan kauri, da fensir, da tef na ƙarfe irin na kafinta, domin na tela yakan talle idan ya tsufa.

Da farko a zaɓi bango miƙaƙƙe da daɓen siminti ko tayil wanda ba shi da gangare, a kuma ɗauke tabarma ko darduma. Wanda za a auna ya cire takalmi da hula, mace kuma ta kwance ɗaurin kallabi da duk wani tulin gashi da ke tsakar ka.

Sai ya juya wa bangon baya, ya haɗa dugadugansa, ya miƙe gwiwoyi, ya saki hannuwa. Ana so dugadugai da mazaunai da allon kafaɗu da ƙeya su taɓa bango. Idan ƙirar jiki ta hana ƙeya kaiwa, kada a tilasta. Abin lura shi ne ƙasan ido ya daidaita da saman ƙofar kunne, domin ɗaga haɓa yakan karkatar da tsakar ka, ya ɓata awon.

Mutum na biyu ne zai jingina gefen katakon da bango ya zauna daram, ya sauko da shi har ya danne gashi. Wanda ake aunawa ya ja numfashi ya riƙe ba tare da yin ɗage ba, sannan a ja layi a ƙarƙashin katakon. Daga nan a miƙa tef sak daga daɓe zuwa layin.

Awo ɗaya bai isa ba. A maimaita, kuma idan tazarar ta wuce rabin santimita a yi na uku. Alal misali, saurayi ya sami 168.4 a karon farko, 166.9 a na biyu. Wannan tazara tana nuna an yi kuskure, kuma sau da yawa katakon ne ya sunkuya ta gaba, bayansa ya ɗaga layin sama. Idan na uku ya ba da 166.7, a watsar da na farko, a ɗauki tsaka-tsakin sauran biyun, wato 166.8.

Lokacin awo ma yana da tasiri. Mutum yakan fi tsawo da safe da kimanin santimita ɗaya zuwa biyu, saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya yana matsewa da tsayuwar wuni. Don haka a rubuta lokacin awon tare da sakamakon.