Imel na farko zuwa ga babban dillalin citta

Na je Kagoma daga Legas neman wanda zai riƙa ba ni busasshiyar citta. A kasuwar Kwoi aka nuna mini wani babban dillali mai sito a Kafanchan, aka ce ba ya ɗaga lambar da bai sani ba, sai dai imel.

Na farkon da na tura, gaisuwa ce layi shida da tarihin rayuwata, kanun kuma "Salam". Shiru kake ji. Laifina ne: ban faɗi abin da nake so ba.

Bayan mako guda na sake rubutawa. Kanu: "Mai sayen citta daga Mile 12, ina neman minti 15". Gaisuwa layi ɗaya, "Barka da aiki, ranka ya daɗe", don ban san addininsa ba, kuma wannan ta dace da kowa. Sai sunana da na wanda ya haɗa mu, bayan na nemi izininsa. Sannan buƙatar: buhu 40 a wata, ina so mu gana a sitonsa Talata ko Laraba da safe, ko ta waya in hakan ya fi masa sauƙi.

Ban tambayi farashi ba, ban roƙi bashi ba. Wannan maganar zama ce. Ambaton buhu 40 ne ya nuna masa ba yawo na zo ba, ranaku biyun kuma suka rage masa aikin tunani.

Da magariba amsa ta iso: "Laraba, ƙarfe 9."