Bayan Sallama: Ɗinkin Tiyata a Hannun Mai Jinya

Ranar da aka sallami ƙanwata bayan an ciro mata jariri ta tiyata, nas ta miƙa mana wata takarda tana cewa, "Ku karanta kafin ku taɓa ciwon nan." Inna ta ninke takardar ta cusa a jakar kayan jariri. Da muka isa gida, tukunyar wankan jego ta riga ta tafasa, ganyen darbejiya na jiran aiki. A nan na zauna na karanta mata takardar layi-layi, domin wadda aka yi wa ɗinki a mara ba a fyaɗa mata tafasasshen ruwa a wurin, kuma ba a jiƙa shi cikin baho.

Abin da takardar ta fara da shi hannu ne. Mai jinya ta wanke hannu da sabulu kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin ta ɓare tsohuwar filasta, sannan ta sake wankewa bayan ta jefar da ita. Wannan wanki na biyu shi aka fi mantawa, alhali hannun da ya taɓa dattin ciwo shi ne zai ɗauki sabon bandeji. Idan ƙyallen ya manne, kada a fizge. A jiƙa shi da ruwan gishiri har ya saki da kansa, don fizga tana tafiya da sabon naman da ya fara tsirowa.

Ruwan gishirin nan irin na asibiti ne, ana samunsa a kemis. Idan babu, a tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri giram 9, wato kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi ba tare da tozo ba, a rufe shi ya huce, kuma kada a yi amfani da wanda ya wuce kwana ɗaya. Ana shafa layin ɗinkin tukuna, sannan fatar gefe, kowane ƙyalle shafa ɗaya a jefar. Wanda ya dirza gaba da baya, dattin gefe yake kwasowa ya kai bakin ciwo. Auduga ba ta dace da miki ba, zarenta na maƙalewa. Wuri ya bushe, a rufe da sabon ƙyalle ba tare da taɓa cikinsa ba. Sau nawa za a canza, wannan asibiti ke faɗa, amma duk lokacin da bandeji ya jiƙe ko ya ɓaci, ba a jiran gobe.

Maƙwabciya ta shigo barka da kafso a hannu. "Inna, a fasa a barbaɗa, kwana biyu ya kame." Na san da alheri ta zo, amma garin kafso, toka, man goge baki da sifirit duk na ga ɓarnar da suke yi: wasu na ƙona sabon nama, wasu na yin ɓawo a sama mugunya na taruwa a ƙasa.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne yadda ake gane ciwo ya harbu. A kwanakin farko ɗan kumburi, ɗan zafi da ruwa garai-garai mai ɗan jini ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne ina lamarin ya dosa: jiya da yau, wanne ya fi? Ciwon da ke warkewa raɗaɗinsa raguwa yake yi kullum. Wanda ya lafa sannan ya dawo yana zugi a rana ta biyar ko ta shida, shi ne abin zargi. Takardun nan kan ce a duba ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri. A ɗora bayan hannu mai tsabta kusa da ɗinkin, a kwatanta da wani gefen cikin. In ya fi zafi, a zagaye iyakar kumburin da biro a duba da safe ko ya tsallake layin.

Haka muka kama na ƙanwata. Rana ta shida, kumburin gefen hagu ya wuce layin biro da kamar faɗin yatsa biyu, bandejin ya fito da ruwa mai kauri rawaya-rawaya yana wari. Ba mu jira ranar da aka ba mu ba. Nas ta warware zare biyu, mugunya ta fita, aka wanke, likita ya rubuta magani.

Akwai alamun da ko dare ne ba a kwana da su: zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko rawar sanyi, ɗinki ya buɗe, jinin da dannawa ta minti goma ba ta tsayar ba, ruɗewa, ko muƙamuƙi ya sanƙare. Mai jego ta yi zazzaɓi, kada a ce na sauro ne a sayo magani a kemis kafin ma'aikacin lafiya ya buɗe ciwon ya gani. Mai ciwon suga kuwa, ko alama ɗaya ta isa a koma da ita asibiti ran nan.