Ina ruwan shanya ke tafiya? Yadda za mu koya wa ƴan lakwal zagayen ruwa

Jama'a masu saurare, na gida da na ci-rani, in kuka tambayi yaron firamare ina ruwan zanen da aka shanya ya tafi, amsar da zai ba ku ita ce: "Rana ta shanye." A lakwal ana koya masa darasin zagayen ruwa, ya haddace kalmomin Faransanci, ya zana kibiya daga teku zuwa girgije. Amma yaron Maraɗi ko Damagaram bai taɓa ganin teku ba, shi ya sa darasin ke tsayawa a allo, bayan jarrabawa ya ɓace. Abin da muke so ya zauna masa a kai ɗaya ne: ruwa ba ya ɓacewa, kama yake canzawa, kuma ana iya maido shi a gaban idonsa.

Ga gwajin da mushe zai iya yi a filin lakwal, uwa ma ta iya yi a tsakar gida. A yanka tsohon zane gida huɗu daidai wa daida, a jiƙa su a bokiti ɗaya, a matse su iri ɗaya. Na farko a baza shi a rana. Na biyu a baza shi a inuwa. Na uku a dunƙule shi a aje a rana. Na huɗu a sa shi cikin farar leda wadda ake ganin cikinta, a hura mata iska kaɗan, a ɗaure bakin tamau, ita ma a aje a rana. Kafin kowa ya taɓa komai, a sa yara su faɗi wanda suke zaton zai riga bushewa, a rubuta a allo. Bayan kowane minti 15 a je a duba.

Wanda aka baza a rana shi zai fara bushewa. Na inuwa zai biyo baya, kuma nan ne tambaya ta farko: in rana ce ke shanyewa, wa ya shanye na inuwa? Dunƙulallen kuwa, ko da yana cikin rana, za a tarar cikinsa jiƙe. Daga nan yara da kansu za su gane cewa zafi kaɗai bai isa ba, sai iska ta samu wurin ratsawa ta ɗauke ruwan. Ruwan ya zama tururi, ya shiga iska ba tare da an tafasa shi ba, kuma ido ba ya ganinsa.

Na cikin leda shi ne shaida. Ba zai bushe ba, amma jikin ledar daga ciki zai yi gumi, ɗigo-ɗigo, har ya riƙa gangarowa. A tambayi yara: wa ya zuba ruwa a saman ledar? Ba kowa. Ruwan ya tashi daga ƙyallen, ya rasa hanyar fita, ya taɓa ledar da ta fi shi sanyi, ya koma ruwa. Haka marfin tukunyar tuwo yake yi, sai dai wannan babba ne zai ɗaga musu, saboda tururin na ƙuna. Girgije ma haka ne. Iska mai ɗauke da tururi na tashi sama, can sama akwai sanyi, sai tururin ya koma ƴan mitsi-mitsin ɗigon ruwa. In suka haɗu suka yi nauyin da iska ba ta iya riƙewa, sai su faɗo.

Akwai wani misalin da malamai ke so, wato ledar ruwan sanyi ko kwalbar da aka fiddo daga firji tana gumi. Misali ne mai kyau, amma yana da lokaci. In aka gwada shi a Janairu ko Fabrairu, tsakiyar hunturu, da ƙyar za a ga gumin, don iskar ta bushe ƙarau. A yi shi a Oktoba da aka koma lakwal, ko a Yuni kafin hutu. Kuma yara da yawa za su ce ledar ce ke yoyo. Sai a aje wata ledar da ba ta da sanyi kusa da ita. In yoyo ne, me ya hana ita yin gumi? Ruwan daga iskar ɗakin ya fito.

To, yaro mai wayo zai yi wata tambaya, kuma ya kamata mu shirya mata. Zai ce: "Mushe, da rani ne shanya ta fi saurin bushewa, tabkuna ma na ƙafewa. In ruwan sama yake tafiya, me ya sa ba a ruwa da rani?" Amsar tana cikin iska. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas take zuwa, daga hamada, busasshiya. Tana kwashe ruwan shanya da na tabkin Madarunfa ko na Tabalak, ta wuce da shi, kuma ko ta kwasa ba ta ƙoshi ba. Da bazara ta yi nisa sai iska ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika, ɗauke da laima. Wannan laimar ce ke hana wanki bushewa a watan Agusta, ita ce kuma ke haɗa hadari. Ke nan igiyar shanya na gaya mana irin iskar da ke gari. Yana da kyau yara su san cewa ruwan da ya tashi daga gidansu ba lalle a gidansu zai sauko ba.

Saura abin da ke faruwa bayan an yi ruwa, kuma a nan lissafi ke shigowa. In muka ce a rediyo an samu milimita 20, ma'anarsa litir 20 ne a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. A sa yara su auna rufin ajinsu. A ce mita 9 ne da mita 7, ya ba da 63. A ninka da 20, litir 1260 ke nan, wato bido 50 da ɗoriya na mai litir 25, daga ruwa ɗaya, a kan rufi ɗaya. Sai a tambaye su ina wannan ruwan ke zuwa.

A fita da su, a zuba kofi ɗaya a kan rairayin jigawa, kofi ɗaya a kan fako. Na jigawa zai nutse nan take, na fako zai malale. Wanda ya malale shi ke cika kwari, ya bi gulbi kamar Gulbin Maraɗi, ya taru a tabki. Wanda ya nutse, hatsi da itatuwa su sha wani su maida shi iska ta ganyensu, saura ya sauka ƙasa sannu a hankali, shi ne muke ja da guga a rijiya. A nan yaro zai fahimci dalilin da ya sa babansa ke haƙa tassa ko rabin wata a fako: tare ruwa yake yi, don ya samu lokacin nutsewa.

Yaya za mu san darasin ya shiga? Kar a ce ya karanto abin da ya haddace. A kawo masa abin da bai gani a aji ba. Me ya sa randa ke raguwa ko ba a sha ba? Me ya sa raɓa ke kwana kan ganyen wake da asuba, alhali ba a yi ruwa ba? In ya ce ruwan randa ya tsattsafo ta jikin yumɓu ya shiga iska, raɓa kuma tururin iska ne da sanyin dare ya maida ruwa, to ya kama.

Iyaye mata, ranar wanki ku gwada da naku yaran. Ƴan uwa na Kano, Agadas, Libiya da sauran wurare, in kun kira gida, ku tambayi ƙaraminku ina ruwan shanya ya tafi, ku ji abin da zai ce. Allah ya ba mu damina mai albarka.